Ƙanena ya gama bautar ƙasa yana zaune a gida ba aiki, me ya kamata ya riƙa kawowa?

Maman Ihsan, Agege:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwa. Shawara nake nema a kan ƙanena da ke bi na, shekarunsa 28. Yana da babbar difiloma, ya gama bautar ƙasa ya dawo gida, har yau aiki bai samu ba. Gidanmu ciki da falo ne a gidan haya, naira 600,000 a shekara. Baba dillancin shanu yake yi a mayankar Oko-Oba, kasuwar kuma ba kamar da ba. Umma tana suyar waina a ƙofar gida. Akwai ƙannenmu biyu mata a sakandare. Ni ina gidan mijina, ina tura musu 30,000 duk wata.

Ba wai ba ya samun komai ba ne. Yakan tsare wa abokinsa shagon POS wasu ranaku a ba shi 2,500, yakan ɗan gyara waya. Wani watan ya haɗa 35,000 ko sama, wani watan ko 10,000 ba ya gani. Amma ko maganin sauro bai taɓa sayowa ba. Baba ba zai yi magana ba, Umma kuma rufa masa asiri take yi. Ni so nake a yanka masa 20,000 duk wata, ya samu ko bai samu ba. Na yi daidai?

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:
Wa alaikumus salam 'yata. Kin yi daidai, har ma kin yi sassauci. Mu da muka zo Legas a bayan motar kaya, a rumfa muke kwana, kuma duk da haka muna aika wa gida. Namiji mai shekara 28 yana cin tuwon da mahaifiyarsa ta samo a bakin kasko? Ya zo kasuwa da asuba, masu sauke buhu ba sa komawa hannu rabbana. Takardar makaranta ba ta hana ɗaukar kaya.

Baban Sadiq, Alaba Rago:
Ni dai a ganina laifin matar ne. In ɗa ya yi aure ya zauna a gidan iyayensa, dole matarsa ta san cewa tukunya ɗaya ce, ita ma ta sa hannu.

Maman Ihsan, Agege:
Baban Sadiq, ai ba shi da aure. A falo yake kwana a kan katifa, da safe ya naɗe ta ya jingina bayan kujera.

Baban Sadiq, Alaba Rago:
To, ku haɗa masa kuɗi ku saya masa babur ya yi acaɓa. Kullum zai shigo da wani abu.

Ɗan Idi-Araba:
Baba, acaɓa a Legas ba ta zama mafita kamar da ba. Tun watan Yuni na 2022 gwamnatin jiha ta hana ta a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Kosofe da Shomolu. Agege ba ta cikin jerin, amma manyan tituna an hana tun tuni, kuma babur ɗin da aka kama ba a cika ganinsa ba, murƙushe su ake yi. Iyalin da kuɗin haya ke ba su wahala su ɗauki jarinsu kaf su ɗora a kan abin da za a iya ƙwacewa rana ɗaya, ban ba da wannan shawarar ba.

Yaya Maman Ihsan, ni halin da ƙaninki yake ciki shi nake ciki, don haka bari in faɗa miki yadda abin yake daga ciki. Neman aikin kansa kuɗi yake ci. In aka kira ka ganawa a Lekki daga Agege, zuwa da dawowa sai ka kashe 4,000 a mota tun da aka cire tallafin mai a 2023, ban da fotokwafin takardu, ban da data da za ka ga tallar aikin da ita. Ka je a ce za a neme ka, shiru. A wata ka yi irin wannan sau uku, 12,000 ta tafi ba wanda ya gani. A gida sai a ce ya samu kuɗi ya ɓoye. Ba ina wanke shi ba ne, mutumin da bai taɓa sayen maganin sauro ba yana da laifi. Amma 20,000 ya samu ko bai samu ba, a watan da ya samu 9,000 daga ina zai cike?

Malam Na Zango:
Bari in sa baki ta fuskar shari'a, don a san inda wajibi ya tsaya. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda muka karanta a Risala, uba yana ciyar da ɗansa namiji da ba shi da dukiya har ya balaga, matuƙar ba shi da wata naƙasa da ta hana shi nema. 'Ya mace kuwa har sai ta yi aure mijinta ya tare da ita. Ke nan abincin da wannan bawan Allah yake ci a gidan mahaifinsa yau kyautatawa ce, an riga an wuce lokacin wajibi. Sannan ciyar da iyaye matalauta yana hawa kan ɗa, amma ɗan da yake da hali. Wanda ba shi da abin da ya wuce bakinsa ba a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Don haka ba ku da hujjar yanka masa adadin da sai ya ci bashi zai biya, shi kuma ba shi da hujjar ɗaukar kwanon gidan a matsayin haƙƙinsa. Abin da ke tsakanin nan sai a daidaita da hankali.

Hajiya Uwar Adashi, Agege:
Maman Ihsan, kafin in ce komai amsa min tambaya uku. Ruwa nawa ake saye a gidan kullum, kuma wa ke kawowa? Wutarku ta kati ce? Kuma 'yan matan nan akwai mai yi musu darasi bayan makaranta?

Maman Ihsan, Agege:
Hajiya, mai ruwa ke kawo jarka shida kullum, 200 kowace, don wainar Umma tana cin ruwa. Mita ta kati ce, tamu ce mu kaɗai, muna sa 15,000 a wata, wani lokacin ta ƙare kafin wata ya mutu. Babbar za ta rubuta jarrabawar fita, ana biyan wani malami 10,000 yana koya mata lissafi.

Hajiya Uwar Adashi, Agege:
Yauwa. To ki ajiye maganar 20,000 tukuna, ki ɗauki biro. Jarka shida sau 200, 1,200 ke nan a rana, 36,000 a wata. A unguwarku na san akwai masu burtsatse da ke sayar da jarka 50 in kai ka je da kanka. Jarka shida 300 ke nan, 9,000 a wata. In ƙaninki ya tashi bayan sallar asuba ya ɗebo ruwan nan, biyu biyu sawu uku ko a aro baro sawu ɗaya, gidan ya tsira da 27,000 kowane wata ba tare da ya ciro ko sisi daga aljihunsa ba. Sai darasin ƙanwarsa. Mai babbar difiloma ya kasa koyar da lissafin sakandare? In ya karɓi wannan, 10,000 ta zauna. An tashi 37,000, kusan ninki biyu na abin da kike son yanka masa, kuma wannan ba ruwansa da ko ya samu aiki a watan ko bai samu ba. Mutumin da ba shi da aiki lokaci yake da shi, don haka da lokacin za a fara karɓar gudummawarsa.

Amma kada a ce masa "ka riƙa taimakawa a gida". Wannan maganar ba ta da kai ba ta da gindi, yau ya yi gobe ya manta, ba wanda zai iya cewa ya gaza. A ce masa ruwa naka ne, daga yau an sallami mai ruwa. In Umma ta tashi ɗora kasko ta tarar da duro ba ruwa, kowa ya san wanda bai yi aikinsa ba.

Sai kuɗin da yake ɗan samu. Ban yarda da adadi tsayayye ga mai samu yau ya rasa gobe ba. Abin da na ga yana aiki shi ne kaso. Duk abin da ya shigo hannunsa ya raba uku: kashi ɗaya na gida, kashi ɗaya na mota da data da neman aiki, kashi ɗaya ajiya. Watan da ya samu 36,000, gida na da 12,000. Watan da ya samu 9,000, gida na da 3,000, kuma ya kawo ta ba kunya. Kason gidan kada ya miƙa wa Umma a hannu, don na san iyaye mata, da dare za ta nannaɗe ta mayar masa. Ya sayi katin wuta da ita ya loda a mita da hannunsa, ya turo miki shaidar sayen. Abin da ya rage kafin a kai 15,000 ki cike daga cikin 30,000 ɗinki.

Dalilin da ya sa nake tsoron adadi tsayayye, a gidan 'yar uwata na gani. Mijinta ya yanka wa ɗansu 15,000 duk wata. Wata biyu ya kawo, na uku bai samu ba, kunya ta hana shi faɗa, sai ya ci bashi a irin manhajojin nan na waya masu ruwa mai yawa da wa'adin mako ɗaya ko biyu. Ya ci na biyu ya biya na farko. Daga nan ya shiga cacar ƙwallo wai zai fanshe. Ba mu sani ba sai da baƙin lambobi suka fara kiran dangi, ana turo saƙo da hotonsa wai ɗan damfara ne. Uban ya biya abin da ya ninka wanda ya karɓa a hannun yaron. Alamar da za ku lura da ita: yaro ya kawo kuɗi cif a watan da kowa ya ga bai fita aiki ba, wayarsa na ta ƙara yana kashewa ko yana fita waje amsawa. In kun ga haka ku tambaya tun da wuri.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:
Hajiya lissafinki ya fita, ban musa ba. Amma kin manta da babban abu. Haya 600,000 ce, wato 50,000 kowane wata, kuma a dunƙule mai gida ke karɓa. Ranar da wa'adi ya cika ba ruwansa da wa ya ɗebo ruwa. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta ba mai biyan shekara wata shida na sanarwa kafin a tashe shi, amma wa ke son a kai ga haka da 'yan mata a gida? Wannan kashi na uku da kika ce ajiya, a zuba shi a asusun haya. Shi ma ai a ƙarƙashin rufin yake kwana.

Hajiya Uwar Adashi, Agege:
A nan muka rabu, Alhaji. Asusun haya a zuba masa 27,000 ɗin ruwa da 10,000 ɗin darasi, tunda da ma fita suke yi. Umma ta riƙa ware 900 kullum, wadda da mai ruwa za ta ba, ta sa a adashi ko a asusu. A shekara ruwan kaɗai ya tara 324,000, ya haura rabin hayar. Amma ajiyar yaron ta yaron ce. Da ita zai sayi kayan gyaran waya nasa, ko ya karɓi na'urar POS ya sa jarin farawa. In kuka cinye ta a haya, baɗi war haka yana nan a falo kan katifar nan, kun kuma dawo wannan maganar.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:
In an tashe su daga gidan fa, a ina zai ajiye kayan gyaran? Ni dai ban sauka daga ra'ayina ba. Aƙalla rabin ajiyar ta tafi haya.

Anti Nas, Obalende:
Ku yi haƙuri, akwai abin da ke ci min rai tun ɗazu. Ana ta lissafa ruwan da zai ɗebo a mayar da shi naira, ana cewa gudummawa. 'Yan matan nan biyu fa? Na tabbata su ke wanke-wanke, su ke shara, su ke kai niƙan shinkafar waina kafin su tafi makaranta, wataƙila har kayansa su ke wankewa. Wa ya taɓa lissafa nasu? Ita kanta Maman Ihsan daga gidan miji take turo 30,000, ba wanda ya ce mata sai kin samu. Ban ƙi tsarin Hajiya ba, amma a fara da cewa ya wanke kayansa da kwanonsa. Wannan ba ya cikin gudummawa, nauyin kansa ne ya ɗauke.

Maman Ihsan, Agege:
Anti kamar kina gidan. Ƙaramar ce ke masa wanki ranar Asabar, har guga.

Ɗan Idi-Araba:
Wankin kam ya daina, babu musu. Darasin ma mai sauƙi ne, zai ma ji daɗinsa. Ruwan ne nake jin zai yi turjiya, kuma ku fahimce shi. A unguwar da kowa ya san ya yi karatu, ya fito da jarka a hannu yana bin layi da yara, abokan da suka yi makaranta tare suna wucewa. Ba ƙaramin abu ba ne a zuciyar saurayi. Ni ina ɗebo na gidanmu, amma da duhun asuba nake yi kafin gari ya waye. In za a ba shi ruwan, a bar shi ya zaɓi lokacinsa, kada a aike shi da rana tsaka a gaban mutane, kuma ranar da yake da ganawar aiki a ɗauke masa.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:
Kunyar jarka ta fi kunyar uwarsa tana ƙirga canjin waina ta ba mai ruwa? Yaran yanzu sai addu'a.

Baban Sadiq, Alaba Rago:
Ko kuma ku tura shi gida Arewa ya yi noman damina a wajen dangi. Baki ɗaya ya ragu a tukunya.

Maman Ihsan, Agege:
A Agege aka haife mu, Baban Sadiq. Kakanmu ne ya zo. Garinmu sau nawa ma ya je, bai san kan fartanya ba, kuma gonar gado tuni 'yan uwan Baba suka raba.

Hajiya, tambayata ɗaya. Ta yaya zan san gaskiyar abin da ya samu? In ya samu 36,000 ya ce min 15,000 fa?

Hajiya Uwar Adashi, Agege:
Ba za ki sani ba duka, kuma kada ki ce sai kin bincika wayarsa ko kin kira abokin nasa mai shago. Ranar da kika yi haka kin rasa shi. Abin da za ki iya gani kwanakin da ya fita ne. Umma ta san ranakun da ya tafi shagon, 2,500 ce a rana, in ya fita kwana 10 an san akwai 25,000 ko bai faɗa ba. Na gyaran waya ki bar masa, Allah na gani. Shi ya sa na sa nauyin tsarin a kan ruwa da darasi, waɗanda ido ke gani. Kuɗin ƙari ne, amfaninsa ya saba da cewa duk abin da ya shigo akwai rabon gida a ciki, don ranar da albashi ya zo kada a fara koya masa daga farko. Na ga waɗanda suka samu aikin 85,000, mafi ƙarancin albashin gwamnatin Legas, suna zaune a gidan iyaye ba sa kawo ko gishiri, saboda ba a taɓa saba musu ba.

Malam Na Zango:
Saura wanda zai faɗa masa. 'Yata, ba ke ba. Ke ce mai turo kuɗi, duk yadda kika tausasa murya zai ji kamar gori ne. Maganar ta fito daga bakin mahaifinku. In nauyin baki ya hana shi, musamman in akwai kara irin ta iyayenmu, a samu baffa ko kawun da yaron ke jin nauyinsa ya zauna da su biyun, ba a gaban ƙannensa mata ba. Kuma a fara shawo kan mahaifiyarku kafin kowa. In ita ba ta yarda ba, ranar farko da ya makara za ta leƙa ta kira mai ruwa, shi ke nan tsarin ya rushe.

Anti Nas, Obalende:
Sannan ku duba lafiyarsa. Kin ce bai taɓa kawo komai ba, amma yaya yake a gidan? In kwana yake yi har azahar, ba ya wanka sai an yi magana, ya daina zuwa masallaci da majalisar abokai, abinci ma sai an matsa, wannan ba lalaci ba ne kawai, damuwa ce mai bukatar likita. A wajen aikina muna ganin samari irinsa. In kuwa yana fita, yana kallon ƙwallo, yana ado, to lafiyarsa ƙalau, a ɗora masa.

Maman Ihsan, Agege:
Yana fita, Anti, salla ba ta wuce shi a masallaci, sai dai ya rage magana sosai a 'yan watannin nan. Zan lura. Na yi magana da Umma a waya yanzu. Darasin da wankin ta amince nan take. Ruwan ne ta ce sam, wai ba za a ga ɗanta da jarka ba tana raye, gara ta ci gaba da biyan mai ruwa. Kawu yana zuwa daga Mushin ranar Lahadi, zan roƙe shi ya fara zama da ita.

Hajiya Uwar Adashi, Agege:
In ta kafe a kan ruwan, kada ku tsaya ja da ita har komai ya lalace. Ku musanya masa da cefane. Maimakon mudu mudu da Umma ke saye a unguwa, ya riƙa zuwa kasuwa sau biyu a wata ya sayo shinkafar waina da mai da albasa a sari, ya cika tukunyar gas, ya kai niƙa da asuba 'yan matan su huta. Ribar ba za ta kai 27,000 ba, sai kun gwada wata ɗaya kun rubuta kafin ku san nawa ce, kuma ku cire kuɗin mota a ciki.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:
In cefanen ne ya zo layin 'yan albasa ya tambaye ni kafin ƙarfe 8, zan haɗa shi da mai ba shi a farashin sari. Amma ki gaya wa Kawun ya sa maganar haya a zaman na Lahadi. Wane wata kuɗin gidan ke cika?

Maman Ihsan, Agege:
Watan Maris, Alhaji. Abin da aka tara zuwa yanzu 180,000 ne.